Me ya sa wayarki ta yi shiru ranar zubin adashe?

'Yar'uwa, idan kina cikin adashen da ake zubi ranar ƙarshen wata, ko ranar ce kike sallamar mai aiki da malamin da ke koya wa yara karatu a gida, mai yiwuwa kin taɓa ɗora wa wayarki nauyin tuna miki. Ni ma na yi hakan. Ranar 31 ga Janairu na buɗe kalandar waya, na rubuta "zubin adashe", na ce ta riƙa maimaitawa duk wata. Fabrairu ya zo ya wuce, waya ba ta ce uffan ba, sai da uwar adashe ta aiko yarinya da sassafe. Kunyar da na ji ranar ba ta faɗuwa.

Wayar kuwa lafiyarta ƙalau. Abin da na gaya mata shi ta yi. Ni ina nufin "ƙarshen wata", ita kuma abin da ta riƙe shi ne "ranar 31". Watanni bakwai kaɗai ke da wannan rana: Janairu, Maris, Mayu, Yuli, Agusta, Oktoba da Disamba. Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba a 30 suke tsayawa, Fabrairu kuma a 28, sai bayan shekara huɗu-huɗu ya kai 29, kamar yadda zai yi a 2028. Manhajar Google Calendar, da ke kan wayoyin Android da yawa, idan ta duba wata ba ta ga 31 ba, tsallake shi take yi baki ɗaya. Ke nan sau biyar a shekara za ta bar ki a duhu, kuma ba za ta yi miki gargaɗi ba.

Za ki ce to a mayar 30 mana. Wannan ya rage ɓarna, amma Fabrairu zai kuɓuce miki duk shekara. Ranar 28 ce ta ƙarshe da kowane wata yake da ita. Idan abin da za ki biya ba ya ƙin a gaggauta shi, sa 28 ki huta. Sai dai idan albashin maigida ko naki ba ya shigowa da wuri, tunin zai zo hannu babu komai, ki ce "bari kuɗi su shigo", shi ke nan an manta.

Dabarar da na fi yarda da ita daga gaba take ɓullo wa abin. Ƙarshen wata yana yawo, amma 1 ga wata ba ta motsi, kuma jajibirinta kullum shi ne ranar ƙarshe. Sai ki buɗe Google Calendar, ki ƙirƙiri sabon abu a ranar 1 ga watan gobe, misali da ƙarfe tara na safe. Taɓa inda aka rubuta "Does not repeat", ki zaɓi maimaitawa duk wata. Daga nan ki je "Add notification", ki sa ya sanar da ke kwana ɗaya kafin lokacin. Na 1 ga Maris zai buga ranar 28 ga Fabrairu, ko 29 idan shekarar ta zo da ita. Na 1 ga Mayu zai buga 30 ga Afrilu, na 1 ga Satumba kuma 31 ga Agusta, duk da ƙarfe tara.

Akwai tarko ɗaya a nan. A fuskar kalanda abin zai zauna a kan 1 ga wata, sanarwar ma za ta nuna miki kamar gobe ne. Don haka ki sa masa suna mai tsawatarwa, irin "Adashe: YAU ne zubi, ba gobe ba". Ki kuma goge sanarwar mintuna kaɗan da manhajar kan saka da kanta, don kada ta sake damunki washegari.

Mai iPhone ba ta buƙatar wannan zagaye. A Calendar, ta shiga "Repeat", sai "Custom", ta zaɓi "Monthly", sannan a ƙarƙashin "On the" ta juya zuwa "last" da "day". Wayar da kanta za ta riƙa lissafa ƙarshen kowane wata.

Kalandar da ke zuwa a cikin waya ba duka halinsu ɗaya ba, saboda haka kada ki jira wata ya ƙare kafin ki gane. Da kin gama saitawa, ki zazzago zuwa Fabrairu da Afrilu masu zuwa, ki ga ko abin ya fito a inda kike so.

Idan kuwa adashenku da watan Musulunci yake tafiya, wannan lissafi ba zai yi miki ba, domin kwana 29 ko 30 ɗinsa ganin jinjirin wata ne ke yankewa. Nan sai ki riƙa sa tunin da hannu duk wata, a ranar 29, da zarar an sanar da tsayuwar watan.