Kafin edita ya ci bashin sabuwar kwamfuta

A shagunan tace hoto na Titin Gidan Zoo da ke Kano, da ma ɗakunan samarin da ke haɗa bidiyon biki a gida, akwai wani hukunci da ake yawan yankewa da gaggawa. An zuba bidiyo a manhaja, an danna kunnawa, sai hoto ya riƙa tsalle, murya ta yi gaba ta bar bakin mai magana a baya, fankar laftof ta ɗauki kuka. Nan take sai a ce kwamfutar ta tsufa, dole a sayi wata. Mai shago ya shiga adashi ko ya ci bashi, ya sayo wadda ta ɗan fi ta, bayan wata biyu wani ya kawo bidiyon sabuwar waya, ita ma ta fara tsallen.

Wannan hukunci kuskure ne a mafi yawan lokuta. Abin da ke durƙusar da tsohuwar laftof shi ne irin fayil ɗin da aka ɗora mata, kuma editan da ya san aikin furoksi da rage ingancin hoton dubawa zai iya kammala aikin 4K da kwamfutar da ta haura shekara goma. Sai dai dabarun biyu ba cuta ɗaya suke warkarwa ba, kuma rashin rarrabe su ne ke sa wasu su gwada ɗaya, su ga ba ta yi ba, su yanke ƙauna.

A ɗauki misali. Edita yana da laftof ta hannu mai Core i5 zubi na huɗu, irin waɗanda suka fito wajajen 2013, da RAM gigabayit 8. An kawo masa bidiyon biki na awa uku, daga kamu zuwa ɗaurin aure zuwa dina, an ɗauka a 4K, firem 25 a daƙiƙa, cikin tsarin matsewa na H.265. In kyamarar tana rubuta megabit 100 a daƙiƙa, awa guda ta kai gigabayit 45, awa ukun kuma 135. Ana son a mayar da shi minti arba'in cikin mako guda.

Nauyi na farko yana cikin matsewar. H.264 da H.265 ba sa ajiye kowane firem cikakke. Suna ajiye hoto ɗaya cikakke, sannan firem ɗin da ke biye su ɗauki bambancin da ya faru kawai: hannun amarya ya ɗaga, mayafi ya motsa. Wannan ya dace da kallo daga farko zuwa ƙarshe. Amma edita ba haka yake kallo ba. Yana tsalle gaba, ya dawo baya, ya tsaya a kan firem guda. Duk inda ya tsaya, sai kwamfuta ta koma ga cikakken hoton da ya gabata ta sake gina duk abin da ke tsakani kafin ta nuna masa. Sababbin injuna suna da wani sashe na musamman da ke wannan warwara. A furosesan Intel, cikakken sashen H.265 bai zo ba sai a zubi na shida, a 2015, na launi mai bit 10 kuma sai a zubi na bakwai. Laftof ɗin editanmu ba ta da shi, don haka furosesa ce ke ɗaukar kayan duka a kanta.

Nauyi na biyu shi ne girman hoton. Firem ɗin 4K yana da ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan takwas. In an warware shi, yana cin kimanin megabayit 33 a RAM, kuma manhaja tana riƙe firem da yawa a lokaci guda don kada hoto ya tsaya. Windows da manhajar kanta sun riga sun cinye kaso mai tsoka na gigabayit 8 ɗin. Da RAM ta cika, sai kwamfuta ta fara jibge abin da ya yi saura a faifan ajiya, wanda ya fi ta nawa nesa ba kusa ba. A nan ne ake ganin komai ya daskare, har kibiyar linzami.

Rage ingancin dubawa, wato a mayar da Playback Resolution zuwa 1/2 ko 1/4 a Premiere Pro, ko a zaɓi 540p a Preview Scaling na Shotcut, yana sauƙaƙa abin da ke zuwa bayan warwara. Gyaran launi, rubutun suna, narkewar hoto cikin hoto, duk za a lissafa su a kan ƙaramin hoto. A 1/4, ɗigon da ake aiki a kansu ya koma kashi ɗaya cikin goma sha shida. Amma fayil ɗin H.265 yana nan yadda yake, kuma galibi sai an warware shi a cikakken girmansa kafin a ƙanƙance shi. Shi ya sa edita zai sauke zuwa 1/4, hoto ya dusashe, tsallen kuma bai daina ba. Ya ba da maganin ciwon kai ne ga mai ciwon ciki.

Furoksi ne ke taɓa tushen. Kwafi ne ƙarami na kowane fayil, wanda manhaja ke nunawa a lokacin yanka, ta kuma koma ga na asali a lokacin fitar da aiki. Abu biyu ke sa ya yi sauƙi. Girmansa ya ragu: 1280 a 720 kashi ɗaya ne cikin tara na 4K. Kuma ana yin sa da tsarin da ke ajiye kowane firem cikakke, kamar ProRes Proxy ko DNxHR LB, ta yadda duk inda edita ya tsaya hoton na nan a shirye. Premiere Pro na da Create Proxies, Shotcut da Kdenlive, waɗanda kyauta ne, su ma suna yi da kansu. Wanda ya fi son ya yi da hannu zai iya amfani da ffmpeg:

```
ffmpeg -i C0001.MP4 -vf scale=1280:-2 -c:v prores_ks -profile:v 0 -c:a pcm_s16le C0001_Proxy.mov
```

Furoksi irin wannan yana cin kimanin gigabayit 9 a awa, don haka awa ukun na buƙatar wurin gigabayit 27 ƙari a kan 135 na asali. Hikima ita ce a bar na asali a faifan waje, a sa furoksi a faifan cikin laftof, musamman in SSD ne. In har 720 ya yi nauyi, a sauka zuwa 960 a 540.

Ba sai an yi canki-canka ba wajen gane wace cuta ce. A buɗe Task Manager a kunna bidiyon ba tare da an ɗora masa komai ba. In layin CPU ya manne a sama, warwara ce ta yi nauyi, furoksi ake bukata. In bidiyon yana tafiya lafiya sai an sa gyaran launi ko rubutu ya fara tsalle, a rage ingancin dubawa. In kuwa Memory ta haura kashi 90 cikin ɗari, Disk kuma yana ta aiki, RAM ce ta cika: a rufe burauza, a raba bikin gida-gida, kamu daban, dina daban, a haɗa su daga ƙarshe. Editanmu zai buƙaci duka ukun.

Masu sukar wannan hanya suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Yin furoksi yana cin lokaci, domin kwamfutar da ta kasa kunna 4K ita ce dai za ta warware awa ukun gaba ɗaya. Kafin a fara, ya kamata a gwada da bidiyon minti ɗaya a duba agogo. In ya ci minti biyu, aikin duka zai ci awa shida. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, batirin laftof kuma ya daɗe da mutuwa, awa shida kuɗin mai ne na janareto. In wuta ta yanke a tsakiya, fayil ɗin da ake kan yi ya lalace, sai a goge shi a sake. Amma lokacin nan sau ɗaya ake biyan sa, kuma ana iya biyan sa da dare edita na barci. Wanda ya ƙi biya zai biya a kowace yanka, daƙiƙa biyar nan, goma can, har mako ya ƙare bai kai ga dina ba.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne abin da furoksi ke ɓoyewa. A ƙaramin hoto, fuskar da ba ta fito tas ba tana kama da wadda ta fito. Edita zai zaɓi wurin da uwar amarya ke rungume 'yarta, ya gina waƙa a kansa, sai bayan an fitar a ga kyamara ta kama labulen baya ne, fuskokin sun dusashe. Haka ma ƙwayar duhu a hoton dare, da ainihin launin leshi ko shadda. Don haka kafin a rufe aiki, a kashe furoksi, a mayar da dubawa cikakke, a tsaya a kan kowane muhimmin hoto ba tare da an kunna ba. Tsohuwar laftof tana iya nuna firem ɗaya na 4K a tsaye, gudu da shi ne ba ta iyawa.

Akwai kuma kurakurai biyu da ke jawo abin kunya. Na farko, furoksi dole ya yi daidai da na asali a tsawo, da yawan firem a daƙiƙa, da yawan layukan sauti. Wayoyi da yawa suna ɗauka da saurin firem mai sauyawa, kuma in aka haɗa irin wannan da furoksi mai tsayayyen sauri, yanka na iya gocewa, murya ta saɓa wa baki. Alamar ita ce saɓanin yana ƙaruwa yayin da bidiyon ke tafiya. Maganinsa a fara mayar da bidiyon wayar zuwa tsayayyen sauri, a ɗauki wannan a matsayin na asali. Na biyu, a fitar da aiki faifan waje ba ya haɗe. Manhaja na iya yin gargaɗi ta ci gaba da furoksi, edita kuma cikin gajiya ya danna amincewa bai karanta ba. A allon laftof ba za a lura ba. A babbar talabijin ta falon ango kowa zai gani. Shi ya sa ake fitar da minti ɗaya tukuna, a kalle shi a babban allo.

Dabarar tana da iyaka, kuma faɗin ta wajibi ne. Furoksi ba ya rage lokacin fitar da aiki ko da minti ɗaya, domin a nan na asali ake karantawa. Ba ya ceton mai aikin cire ƙwayar duhu ko haɗa hotuna masu hawa-hawa. Laftof mai gigabayit 4 kuwa ta gaza ko mafi ƙarancin abin da Premiere Pro ke nema, sai dai a koma manhaja mara nauyi. Wanda aikinsa na kullum ya kai wannan matsayi, sayen sabon inji ya zama dole. Amma mai yanka biki, wa'azi, hira ko gajeren fim, wanda mafi yawan aikinsa zaɓe ne da jerawa, zai fi cin riba in ya sa SSD a madadin tsohon faifai, ya ƙara RAM zuwa 16 in laftof ɗin na karɓa, ya kuma saba da kwana ɗaya na shiri kafin yanka. Kuɗin da ya rage ya fi amfani a faifai na biyu da za a ajiye kwafin bidiyon asali, domin in faifai ɗaya tilo ya mutu, ba za a sake ɗaura auren don edita ba.