Farashi Aka Tambaya, Ba Talla Ba

'Yan hatsin Kontagora da 'yan'uwansu na Mile 12 a Ikko da Bodija a Badun suna musayar farashi ta waya a ƙungiyoyinsu. Abin da ke zubar da girman mutum a ciki shi ne, da an tambayi kuɗin masara, sai ya ce yana da tirela guda, a kira shi.

Wanda ake jin maganarsa shi ne mai faɗin kuɗin buhu, sabuwa ce ko tsohuwa, ta bushe ko da saura, da kuɗin mota zuwa Kudu. In farashi ya karye alhali sitonsa cike yake, to, ya faɗa. Wanda ya ɓoye, direbobi za su tona shi kafin mako.