Raddi ga masu cewa kuɗin akwati shi ne riba

Wani marubuci da nake girmamawa ya shawarci ƙananan 'yan tireda da su rabu da wahalar littattafan akanta. A ganinsa ya isa mai shago ya rubuta kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita, abin da ya rage shi ne ribarsa. Wannan shi ne lissafin tsaba. Kishiyarsa kuwa, wanda zan kira lissafin haƙƙi, yana rubuta ciniki ranar da kaya suka bar shago ko an biya ko ba a biya ba, yana kuma ɗora wa kowane wata ɗawainiyar da ya ci ko da an biya ta tun tuni ko ba a biya ba tukuna. Ya kawo hujjoji huɗu. Na ga wajibi ne a amsa su, domin mai bin shawarar nan zai iya cinye jarinsa yana zaton riba yake ci.

Mu ƙaddara wani shagon kayan masarufi a Kano, mai sarin kaya a Kasuwar Singa, a watan Maris. Ya shiga watan da kayan naira 900,000 a kan kanta. Ya sayar da na 1,400,000 kuɗi hannu, har da waɗanda aka turo ta banki, ya ba da na 300,000 bashi, an kuma biya shi tsohon bashin Fabrairu na 120,000. Ya saro kayan 1,500,000, ya ba dila 1,000,000, saura 500,000 sai watan gobe. Yaron shago ya karɓi 40,000, wuta da mai sun ci 30,000. Hayar shekara, 360,000, tun Janairu ya biya ta. Ranar ƙarshen wata ya ƙirga kaya ya tarar da na 950,000.

Hujjarsa ta farko ita ce tsaba ba ta ƙarya, abin da ka ƙirga da hannunka shi ne gaskiya. Na yarda ba ta ƙarya game da kanta. An karɓi 1,520,000, an fitar da 1,070,000, akwati ya ƙaru da 450,000. Amma tambayar mai shago ita ce nawa ya samu a watan, kuma akwati bai amsa ta ba. Cinikin Maris 1,700,000 ne, na hannu da na bashi. Kuɗin Fabrairu da aka biya ba cinikin Maris ba ne, an riga an ƙirga su a watansu. Kayan da suka fita kuwa, a haɗa na farkon wata da waɗanda aka saro, a cire na ƙarshen wata, za a samu 1,450,000. Tsakanin saye da sayarwa ke nan akwai 250,000. A cire albashi da wuta da mai, a cire 30,000 na hayar wata ɗaya, sai ribar ta tsaya a 150,000.

To ina sauran 300,000 suka fito? Mafi yawansu kuɗin dilan Singa ne da ke kwance a akwatin mai shago. Bashin 500,000 da bai biya ba ya kumbura akwatin, hayar da bai fitar a watan ba ta ƙara 30,000. A ɗaya gefen, bashin da yake bin mutane ya ƙaru da 180,000, kayan kanta sun ƙaru da 50,000, waɗannan biyun suka rage kumburin. Duk wanda ya zari 450,000 ya kai gida ya ɗauki ribarsa ta 150,000, ya haɗa da 300,000 da ba riba ba ne.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Ya ce idan aka daɗe, hanyoyin biyu wuri ɗaya suke haɗuwa, abin da Maris ya ƙara Afrilu zai rage. Haka ne, ranar da aka rufe shago aka biya kowa aka karɓo komai, jimla ɗaya za ta fito. Sai dai ba a jiran wannan ranar kafin a yanke shawara. A ce jarin shagon na wani ubangida ne, yaronsa ke juya shi, ana raba riba biyu duk wata. Da lissafin tsaba yaron zai karɓi 225,000 a Maris, alhali rabonsa 75,000 ne. A Afrilu, lokacin da za a biya dila 500,000, littafi zai iya nuna faɗuwa a watan da ciniki bai ragu ba, ubangida ya fara zargin yaronsa da ha'inci. Idan kuma a tsakani aka raba gari, wanda ya fita ya tafi da abin da ba nasa ba. Haka ma watan Janairu, wanda aka ɗora wa hayar shekara gaba ɗaya, zai fito kamar watan asara, sauran watanni goma sha ɗaya kamar ana zaune a shagon kyauta. Mai sa farashi da irin wannan lissafi zai manta haya tana cikin kuɗin kowane kwalin taliya da yake sayarwa.

Ta uku, ya ce ribar takarda ba ta sayen buhun shinkafa, kuma ba duk mai cin bashi ke biya ba. Nan akwai gaskiya, kuma ba zan rage ta ba. Shago zai iya nuna riba ya rasa kuɗin sari, saboda haka littafin tsaba dole ne, ba wanda ya ce a jefar da shi. Amma maganin bashi mai wuyar fitowa yana cikin lissafin haƙƙi ne. A rubuta kowane bashi da ranar da aka ci shi, ƙarshen wata a ware wanda ya wuce alkawari. Idan cikin 300,000 akwai 20,000 a hannun wanda ya tashi daga unguwa, a cire su, riba ta koma 130,000. Lissafin tsaba ba ya ma ganin bashin, balle ya gane ya lalace. Ba zai gaya maka bashin da kake bi ya ƙaru da 180,000 a wata ɗaya ba, alhali wannan adadi ya fi ribar watan gaba ɗaya, kuma shi ne alamar farko da ya kamata ta tayar wa mai shago hankali.

Ta huɗu ita ce wahala, wai wannan aikin akantoci ne, baƙon abu ga ɗan kasuwarmu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma da wuya ka shiga shagon unguwa ba ka ga littafin masu bashi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwa mai jujjuya haja idan zai fitar da zakka yakan ƙimanta kayansa, ya haɗa da bashin da yake sa ran za a biya shi. Wanda ya san wannan ya riga ya san rabin aikin. Na amince mai ƙosai da ke sayen wake da safe, ta sayar ta tashi kafin dare ba bashi, lissafin tsaba ya ishe ta. Shago mai kaya a kanta da bashi ta fuska biyu kuwa yana buƙatar ƙarin abu kaɗan: shafin waɗanda yake bi, shafin waɗanda ke bin sa, a raba haya gida goma sha biyu, sannan a ƙirga kaya ƙarshen wata. Wajen ƙirgar ne aka fi yin kuskure. Don fitar da ribar wata, da farashin sari ake ƙimanta kaya, ba da farashin sayarwa ba, in ba haka ba za a rubuta ribar kayan da har yanzu suke kan kanta. Wanda ya lalace ko wa'adinsa ya wuce kuma a cire shi kafin a haɗa jimla.