Rage Ƙiba A Lokacin Bazara: Me Ya Sa Bayan Gida Ke Tauri?



Wata 'yar'uwa ta kawo mini kuka. Bikin ƙanwarta ya matso, sai ta yanke tuwo da shinkafa, ta koma shayi da safe, dafaffen ƙwai biyu da rana. Ga zafin Afrilu, ga girki a bakin murhu. Cikin mako guda ta sauke kilo biyu, amma kwana huɗu ba ta zagaya ba. Da ta matsa, sai abu ya fito ƙwaya-ƙwaya kamar kashin awaki, har da zafi.

Kullum kimanin lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na ragowar abinci mai ruwa-ruwa ke shiga babban hanji. Aikinsa ya tsotse ruwan, ya bar ɗan abin da zai sa bayan gida laushi. Idan gumi ya ƙwace ruwan jiki, hanjin yakan ƙara tsotsa. Idan kuma abinci ya yi kaɗan, babu abin da zai tura na gaba, sai ya daɗe a ciki yana ƙara bushewa. Kada ki manta, abinci ma yana ba jiki ruwa. Shi ya sa yawancin kilo biyun nan ruwa ne ya fita, ba kitse ba.

Na ce mata ta sha ledar fiya wata biyar zuwa shida a yini, wato lita biyu da rabi zuwa uku, a rarrabe, ta fara da guda ɗaya da ta tashi daga barci. Ranar wanki ko dogon girki ta ƙara ɗaya ko biyu. Mai shayarwa ma ta ƙara. Ma'auninki fitsari ne: idan ya yi duhu kamar shayi, ruwa bai isa ba. Mai ciwon ƙoda ko zuciya kuwa, ta bi adadin da likita ya yanka mata.

Ruwa kaɗai ba ya wadatarwa, sai da abin da zai riƙe shi a hanji. Ta dawo da tuwo malmala ɗaya da miyar kuɓewa ko kuka mai yawa, da wake, da kwaɗon zogale, da gwanda ko kankana. A ƙara su sannu a hankali, don kada ciki ya kumbura.

Ki yi hattara da shayin rage teɓa. Da yawansu na ɗauke da filasko, mai sa gudawa, ya ƙara zubar da ruwan da kike nema.

Idan kin ga jini, ko amai, ko ciki ya kumbura tusa ba ta fita, kada ki jira, ki nufi asibiti. Haka ma idan mako biyu ya wuce babu sauƙi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.