Wasiƙar da Ke Kai Rahoto Gida

A da, in ka karɓi wasiƙa daga gidan waya, ko ka karanta ko ka jefa a aljihun tebur, babu wanda ya sani sai kai. Wasiƙar imel ba haka take ba, domin sau da yawa tana zuwa da ɗan rahoto a cikinta.

Hanyoyin biyu ne. Ta farko ita ce takardar shaidar karantawa, kuma ita dai tana yin sallama: mai aikowa ya roƙa, manhajarka ta tambaye ka ko ka yarda a sanar da shi, kai kuwa kana iya cewa a'a. A Outlook ma akwai zaɓin "Never send a read receipt", wanda ke kashe maganar gaba ɗaya.

Ta biyun ce nake ƙi, watau ɗigon leƙen asiri. Hoto ne da bai kai ƙwayar gero ba, ba shi da launi, kuma ba a cikin wasiƙar yake zaune ba. Yana can a na'urar mai aikowa, adireshinsa kaɗai aka saka, ɗauke da lambar da aka ware maka kai ɗaya. Da ka buɗe, sai wayarka ta je ɗauko shi, kuma wannan zuwan shi ne rahoton.

A ce wani ɗan damfara ya aika wa ma'aikata dubu tayin rance. Kai ba ka amsa ba, dubawa kawai ka yi da ƙarfe tara na dare, ka sake dubawa da safe. To, ya san adireshinka na aiki, ya san sau biyu ka leƙa, mai yiwuwa har da irin wayarka da lambar IP, wadda kan nuna kamfanin sadarwarka, ta kuma kintata garin da kake. Gobe kai zai matsa wa.

Kamfanoni sun ɗan taɓuka. Tun 2013 Gmail ke bi da hotuna ta na'urorinta, saboda haka lambar IP ta ɓoyu, amma labarin buɗewa yana isa, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A 2021 Apple ta kawo "Mail Privacy Protection", mai ɗauko hotunan ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba, sai lissafin mai aikowa ya rikice.

A ganina abin da ya fi shi ne ka hana hotuna sauka sai da izininka. A saitin Gmail, ƙarƙashin "Images", zaɓi "Ask before displaying external images". Wasiƙu za su zo da gurabe fayau, ba kyan gani, amma na wanda ka amince da shi taɓawa ɗaya ce su bayyana.

Sai dai wannan bai shafi mahaɗan da ke cikin wasiƙa ba. Su ma sukan ɗauki lambarka, kuma da ka latsa an rubuta. In wasiƙar ta ce daga banki take, rufe ta, ka rubuta adireshin bankin da hannunka.