Wasiƙa Zuwa ga Masu Rubuta Talla: Amfani Ɗaya Ya Ishi Take



Ina so mu yi magana a kan layin farko na talla, wato taken da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a saman allo ko takarda ko hoton da ake turawa ta waya. Yawancinmu mun mai da shi rumbun ajiya. Mai kaya ya miƙo mana kwali, mu kwafe duk abin da masana'anta ta buga a jikinsa, mu jera da waƙafi, mu ce mun yi take.

Ga irin abin da nake nufi. A ce wani mai shagon kayan lantarki ya kawo fanka mai caji ana dab da shiga bazara, ya ce a rubuta masa talla. Abin da ya fi saurin fitowa daga alƙalaminmu shi ne: "Sabuwar fanka mai caji, inci 16, batir 12V 7Ah, fitilar LED, wajen cajin waya, rimot, gudu mataki 3." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma ku dubi wanda aka rubuta dominsa. Magidanci ne a bayan adaidaita sahu, ko uwar gida da ke latsa waya da hannu ɗaya tana juya miya da ɗayan. Kallo ɗaya za su yi wa tallan. A cikin wannan kallon mun ɗora musu aikin da ya kamata mu yi musu: su gane mene ne 7Ah, su lissafa awa nawa zai ba su, su yanke ko ya dace da ɗakinsu. Ba wanda zai tsaya yin wannan lissafi saboda fankar da bai ma yi niyyar saya ba.

Akwai ɓarna ta biyu, kuma ta fi ta farko ɓuya. Idan aka jera abu shida a layi ɗaya, duk nauyinsu ya zama ɗaya, rimot ya yi kafaɗa da batir, alhali batirin ne dalilin sayen fankar. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida. Sannan maƙwabcin shagon ma irin wannan fankar yake sayarwa, daga kwali iri ɗaya ya kwafo nasa jerin. Taken da ya dace da kowane shago a layin bai kawo wa mai kayanmu komai ba.

David Ogilvy, gogan masu talla na ƙarnin da ya wuce, ya rubuta a littafinsa na 1963 cewa masu karanta take sun ninka masu karanta jikin talla kamar sau biyar. Ko ba mu riƙe adadin a matsayin doka ba, kowa ya san mafi yawan mutane a taken suke tsayawa. Haka kuma lokacin da kamfanin Apple ya fito da iPod a watan Oktoban 2001, na'urar tana da ma'ajiya ta gigabait 5, amma abin da aka sa a gaba shi ne waƙa 1,000 a aljihunka. Gigabait ɗin suna nan, sai dai an juya su zuwa abin da mutum zai ji a jikinsa.

To, yaya za mu yi da fankarmu? Ku ɗauki kowace siffa ku tambaye ta: sai me? Wajen cajin waya, sai me? Waya ba za ta mutu da dare ba. Fitila, sai me? Ba sai an nemi tocila ba. Batir, sai me? Tana juyawa bayan an ɗauke wuta. Kada ku tsaya a nan, ku sake tambaya. Tana juyawa, sai me? Mutum zai yi barci a ɗaki cikin zafin Afrilu, yara ba za su kwana suna kuka ba, ba sai an fitar da tabarma tsakar gida sauro ya yi ta cizo ba. Wurin da amsar ta daina zancen fanka ta koma zancen mutum, nan ne amfanin yake.

Yanzu muna da amfani uku, kuma ɗaya kawai za mu ɗauka. Hanyar zaɓe mafi sauƙi ita ce a je shagon a tambayi yaron da ke tsaye da masu saye, ba maigidan ba, me mutane ke fara tambaya. Ina da yaƙinin za ku ji: "Awa nawa take yi?" Ba a cika tambayar rimot ba. Wannan tambaya ita ce takenku, amsarta kawai za ku rubuta.

Sai dai a nan ne ake zamewa. Alƙalami zai so ya rubuta "Barci har asuba ko babu wuta." Daɗin ji gare shi, amma a yi lissafi tukuna. Batir mai 12V da 7Ah yana riƙe da 84Wh, wato 12 sau 7. Idan fankar tana jan wat 15 a babban gudu, a takarda za ta yi awa biyar da rabi, a zahiri kuwa ƙasa da haka, domin batir ba ya ba da duk abin da ke cikinsa, kuma yana raguwa da tsufa. Wanda ya kwanta ƙarfe goma na dare yana buƙatar kusan awa bakwai kafin kiran sallah. Ke nan a babban gudu alkawarin ya karye tun ƙarfe uku, a daidai lokacin da mai saye zai farka cikin gumi yana tuna sunan shagon. A ƙaramin gudu, idan tana jan wat 8, lissafin ya kai awa goma da rabi, don haka ko an rage asara za ta iya kai mutum asuba. Ku karɓi fankar, ku cika mata caji, ku kunna ta ku duba agogo. Idan ta yi awa takwas, sai ku rubuta: "An ɗauke wuta? Ka yi barcinka: awa 8 tana juyawa a ƙaramin gudu." Adadi ɗaya ya rage a taken, kuma shi ne shaidar alkawarin. Ku lura ban ce "fanka mai inganci" ko "sanyi mai daɗi" ba. Irin waɗannan kalmomi suna kama da amfani, amma babu abin da mai karatu zai auna a cikinsu, kuma kowa na faɗinsu.

Sauran siffofin ba zubar da su za a yi ba. Su sauka ƙasa da ƙananan baƙaƙe, inda wanda taken ya tsayar zai same su yana neman hujjar fitar da kuɗinsa. Akwai ma inda jerin ya cancanci hawa sama: idan tallan na 'yan sari ne ko masu haɗa sola, su 12V 7Ah ɗin suke nema da ido, sun riga sun san ma'anarsa. Ku fara sanin wa kuke yi wa magana.

Mai kaya zai yi gardama, wannan kam ku sa rai. Zai ce ai shi ya biya kuɗin allon, a sa komai. Kada ku ja da shi da baki. Ku roƙe shi a buga takarda kashi biyu, hoto ɗaya, farashi ɗaya, yawa ɗaya, taken kawai ya bambanta, a sa wa kowane kashi lambar waya tasa, a raba su a unguwanni masu kama da juna cikin mako guda. Idan kun canza hoto ko farashi tare da taken, ba za ku san wanne ya jawo kiran ba. Bayan makon a ƙirga kiran da ya shigo kowace lamba, a kuma rubuta nawa ne suka zo suka saya, domin wani taken yakan tara masu tambaya ya kasa kawo masu biya.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a wannan sana'a.