Garaɓasar Kamfanonin Caca: Naira 5,000 Da Ba Ta Kai 5,000 Ba

Tun kafin albashi ya shiga, saƙonnin kamfanonin cacar ƙwallo ke rige-rigen faɗowa wayoyin ma'aikata a Sakatariyar Tarayya: “Free Bet na N5,000”, ko “Profit Boost 25%”. Hukuncin caca a addini sananne ne, malamai sun gama bayani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ko a ma'aunin lissafi zalla, adadin da ke jikin tallar ya ɗara abin da ake bayarwa nesa ba kusa ba.

A ɗauki wasan da ƙungiyoyi biyu suke kunnen doki a ƙarfi, babu canjaras, kamfani ya sa wa kowacce lambar ninki 1.90. Wanda ya zuba N5,000 daga aljihunsa ya ci, zai karɓi N9,500, wato uwar kuɗinsa da ribar N4,500. Wanda ya buga da kyautar kamfani kuwa N4,500 kawai zai gani. Uwar kuɗin ba ta dawowa domin tun asali ba ta taɓa zama tasa ba. Takardar izinin buga wasa ce aka rubuta wa adadi, ba a cire ta, ba a tura ta banki. Da kamfanin zai mayar da ita, da kyautar ta kusan zama tsabar kuɗi. Riƙe ta da ya yi ya rage masa fiye da rabin ɗawainiya, tallar kuma tana nan da adadinta.

Tunda sau ɗaya cikin biyu ake cin irin wannan wasa, sai a raba N4,500 gida biyu. Ainihin darajar kyautar N2,250 ke nan. Darajar tana ƙaruwa ne idan lambar ta yi sama, saboda uwar kuɗin da aka riƙe ta zama ƙaramin kaso na abin da aka ci. A lamba 5.00 ribar N20,000 ce, kuma idan damar ci ta kai 19 cikin ɗari, darajar ta kama N3,800. Sai dai mai wannan zaɓi zai tashi a tutar babu sau huɗu cikin biyar, har da ɗoriya.

Kuma da wuya kyautar ta zo haka kawai. Galibi sai an fara zuba kuɗin aljihu. Wasan da ya kamata ya biya 2.00 amma aka sa masa 1.90, kamfani ya riga ya yanki naira biyar a kowace ɗari, wato N250 a kan N5,000. Idan an cire wannan, N2,000 ta rage, alhali an jefa N5,000 ta gumi cikin haɗari. Ga mai mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a 2024, wannan ya haura albashin kwana biyu.

Ƙarin riba ya fi wannan wayo. Kashi 25 ɗin a kan riba kaɗai yake hawa, kuma sai an ci. A misalin nan, N4,500 za ta koma N5,625. Ƙarin N1,125 ne, rabin lokaci ake samunsa, darajarsa kimanin N560. Wannan ya fi N250 da kamfani ya yanka, don haka a wasa guda ɗaya mai bugawa ne ke da ɗan rinjaye. Kamfanonin sun fi kowa sanin haka, shi ya sa sukan ƙayyade yawan kuɗin da za a zuba, ko su gindaya sharaɗin haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya.

Nan ne gizo ke saƙar. Idan aka jera wasanni biyar masu 1.90, lambar takan kai 24.76, abin sha'awa a ido, amma damar ci ta koma ɗaya cikin 32, kuma yankan kamfani ya taru har ya kusan 23 cikin ɗari. Ko bayan an ɗora ƙarin 25, abin da tikitin N5,000 zai biya N153,500 ne. A raba shi gida 32, sai a samu kimanin N4,800. An ba mutum ƙari, amma har yanzu N200 yake bari a hannun kamfani a kowane tikiti, kuma sau 31 cikin 32 ba ya ganin ko sisi.

A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta aiki a jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya kaɗai. Ke nan a Abuja alhakin yana wuyan Majalisar Tarayya, kuma hadiman da ke tsara wa iyayen gidansu ƙudurori suna da abin yi. Sharaɗin rashin mayar da uwar kuɗi bai kamata ya ɓuya a ƙananan rubutun da ke can ƙasan shafi ba. Ya dace a wajabta wa kowane kamfani ya rubuta shi a jikin tallar, da girman harafi ɗaya da na N5,000 ɗin, tare da mafi ƙarancin lambar ninki, yawan wasannin da za a haɗa, da ranar da kyautar za ta mutu.